Wa Zai Koya wa Sista Koyarwa?

A watan Satumba ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, aka turo wa asibitin da nake aiki sababbin ma'aikatan jinya su bakwai. Biyu daga ciki aka ba wa ɗakin yara na gaggawa. Ranar Litinin da safe matiron ta shigo da su, fararen kayansu ko karin guga bai sake ba, ta dubi wata sista da ta shekara goma sha huɗu a ɗakin ta ce, "Ga 'ya'yanki nan, ki riƙe su." Iyakar horon da sistar ta samu ke nan. A lokacin tana durƙushe tana neman jijiya a hannun wani yaro mai jijjiga, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To, ku riƙa bi na kuna gani."

Suka yi ta bin ta suna gani. Bayan mako uku ɗaya ta rubuta takardar neman a sauya mata ɗaki. Ɗayar kuwa ta gano cewa idan ta shige ɗakin ajiye kaya tana jera sirinji da auduga babu mai tambayarta komai, sai ta mai da wurin mafaka. Sistar nan ba muguwa ba ce. Da ɗana ne a kwance, hannunta zan so ya faɗa. Abin da ya faru shi ne an ɗora mata aikin da ba a taɓa koya mata ba, aka ɗauka wanda ya iya abu dole ya iya koyar da shi.

Wannan aiki yana da suna a takardun asibiti, ana ce wa mai yin sa firisefta. Ni jagora nake cewa, don shi mutane ke ganewa. Jagora ma'aikaciyar jinya ce da ta ga jiya ta ga yau, wadda ake haɗa ta da sabuwar da ta fito makaranta domin ta riƙe hannunta a watannin farko. (Zan riƙa cewa "ta" saboda mata ne suka fi yawa a ɗakin da nake ba da labari, amma a ɗakunan maza malaman asibiti maza ne ke wannan aiki, kuma duk abin da zan faɗa ya shafe su.) Jagora ba malamar makaranta ba ce. Sabuwar da aka ba ta ta riga ta ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, tana da lasisi, kuma duk allurar da ta yi da sunanta za a rubuta. Sai dai tsakanin cin jarrabawa da riƙe gadaje goma sha biyu da dare akwai tazara mai nisa. Tun a shekarar 1974 wata masaniyar aikin jinya 'yar Amurka, Marlene Kramer, ta yi rubutu kan gigicewar da sababbin ma'aikata ke shiga idan abin da aka koya musu a aji ya yi karo da abin da suka tarar a bakin gado. A makaranta mara lafiya ɗaya ake ba ɗaliba ta yi masa komai a tsanake. A ɗakinmu kuwa, cikin damina, yara biyu ne a gado ɗaya.

Bayan abin da ya faru da 'yan matan nan biyu aka kafa ƙaramin kwamiti, ni ma ina ciki, domin tsara yadda za a riƙa shirya jagorori kafin a miƙa musu kowa. Zamanmu na farko mun ɓata shi wajen jera laccoci: tarihin aikin jinya, ɗa'ar aiki, dokokin asibiti, hanyoyin koyar da manya. Sai wata tsohuwar sista mai kula da rabon aiki ta saurare mu har muka gama, ta jawo rostar wata ta shimfiɗa a tebur ta ce, "Duk na ji. To ku nuna mini a nan ranar da jagorar da yarinyar za su haɗu." Muka duba, muka yi tsit.

A ɗakin namu wadda ta shiga aikin dare takan yi mako guda cur tana yi, sannan a ba ta hutun kwanaki. Sabuwar ma'aikaciya kuwa aikin safe ake sa ta a watan farko. To idan jagora ta yi mako ɗaya da ita, mako na biyu ta shiga dare, na uku tana hutu, yarinyar ta yi mako biyu ba uwa ba uba a daidai lokacin da ta fi bukatar mai riƙe ta. A takarda tana da jagora, a bakin gado kuwa duk wanda ta gani shi take tambaya, kuma kowa da irin amsarsa. Saboda haka muka ajiye laccocin muka fara da rosta. Ƙa'idar da muka tsayar ita ce a cikin ranakun aiki ashirin na watan farko, aƙalla goma sha biyu su zama na tare, kuma duk wadda aka naɗa jagora a cire ta daga aikin dare na wannan watan, sai daga baya su shiga daren tare. Aka kuma naɗa wa kowace sabuwa jagora ta biyu, wadda aka rubuta sunanta, domin ranar da ta farkon ta tafi suna ko ɗanta ya kwanta ba lafiya. Wannan magana ta jawo gunaguni, don daren da aka ɗauke wa jagora a kan wasu zai faɗa. Shi ya sa dole mai rabon aiki da shugabar ɗaki su zauna a kwamitin tun ranar farko. Tsarin da aka yi a ofis ba da saninsu ba, a durowa yake kwana.

Ba mu kaɗai muka ci karo da maganar lokaci ba. A Ingila, tsarin ƙasa da hukumar lafiyarsu ta fitar a 2022 ya tanadi cewa sabuwar ma'aikaciya ta yi aƙalla mako biyu ba a lissafa ta cikin adadin masu aiki a ɗaki, ita kuma jagora a ware mata aƙalla awa takwas a shekara domin wannan aiki kaɗai. Awa takwas a shekara ba wani abin a zo a gani ba ne, amma abin lura shi ne an rubuta shi, ya zama haƙƙi ba alfarma ba. Mu ba mu da yawan ma'aikatan da za mu kwaikwayi komai nasu, musamman yanzu da ƙwararru ke ta ficewa ƙasashen waje. Amma mako biyun nan mun riƙe shi da ƙarfi. Ranar da aka lissafa sabuwa a matsayin cikakkiyar ma'aikaciya tun makon farko, to an raba mata gadajenta, an raba wa jagora nata, kowa ta kama gabanta, koyarwa ta ƙare.

Sai maganar wa za a zaɓa. Abin da kowa ke fara tunani shi ne a ɗauki wadda ta fi kowa daɗewa da ƙwarewa. A nan ne na sha mamaki. Patricia Benner, wata farfesar aikin jinya a Amurka, ta bayyana a 1984 cewa ma'aikacin jinya yana bin matakai biyar daga ɗan koyo zuwa gwani, kuma gwani yakan kai inda ba ya bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, kallo ɗaya yake yi ya san abin da ke faruwa. Matsalar ita ce idan ka tambaye shi yadda ya sani, sau da yawa ba ya iya faɗa. Kamar ka tambayi tsohuwar da ta shekara arba'in tana tuƙa tuwo yawan garin da take zubawa, sai ta ce maka ai hannu ne ke sani. Wadda ta shekara biyu ko uku a ɗaki kuwa ba ta manta tsoron da ta ji a darenta na farko ba, kuma har yanzu tana iya lissafa matakan da take bi. Sau da yawa ita ta fi dacewa da jagoranci na yau da kullum, gwanar kuma ta zama madogararsu su biyun. Mun sa sharaɗin shekara biyu a ɗakin da za ta yi jagorancin, mun kuma sa sharaɗin a tambaye ta ko tana so. Wadda aka ɗora wa dole, yarinyar da aka ba ta ce ke biyan kuɗin.

Horon kansa kwana biyu muka yi shi, ba a jere ba. Rana ta farko kafin sababbi su iso, ta biyu bayan mako huɗu, lokacin da kowace jagora ta riga ta ɗanɗana ta zo da matsalarta a hannu. Mutum takwas kawai muke ɗauka a zama ɗaya, don ɗaki ba ya iya sakin fiye da mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda, kuma abin da muke koyarwa ba a iya shi da sauraro, sai an tashi an gwada.

Abu na farko da muke sa su gwadawa shi ne yin tunani a fili. Mukan ba da misalin da kowa a ɗakin yara ya sani. Sista tana wucewa ta gaban gado na bakwai, ta ɗan tsaya, ta juya ta jawo tukunyar iskar oksijin. Sabuwar da ke bayanta ba ta ga komai ba sai yaro kwance a cinyar uwarsa. Idan aka bar abin haka, darasin da ta ɗauka shi ne Sista tana da wata baiwa da ita ba ta da ita. A wurin horo mukan tsayar da jagora mu ce ta koma baya ta faɗi abin da idonta ya gani ɗaya bayan ɗaya. Da farko takan ce, "Ai kawai yaron bai yi mini ba." Sai mu matsa. Can sai ta fara zaƙulowa: ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ƙofofin hancinsa suna buɗewa, ɗazu yana kuka yanzu ya yi laƙwas, uwar ta ba shi nono ya ƙi kamawa. To waɗannan su ne abin koyarwa. Daga nan sai ta haɗa wa yarinyar da abin da ake iya ƙirgawa: ta ɗaga rigar yaron ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke da agogo, ta san cewa ga yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar numfashi 40 ko fiye a minti ya yi sauri, ga ɗan wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya kuwa 50 ne ma'aunin. Jagora ba ta bukatar ƙarin lokaci don yin wannan. Aikin da take yi ne dai, bakinta kawai za ta buɗe tana yi. Amma sai an yi ta maimaitawa kafin ya zama jiki, kuma da yawa sukan ce suna jin kamar masu sambatu.

Abu na biyu ya fi wuya, domin ya taɓa tarbiyyarmu. An raine mu a kan cewa idan babba ya yi maka bayani ya ce ka gane, amsar ita ce "Na gane." Yarinyar da ta ce wa sista mai shekarun uwarta "Ban gane ba, sake faɗa," a ganinta ta yi rashin kunya, ko ta tona wa kanta asiri. Don haka tambayar "Kin gane?" ba ta da amfani ko kaɗan a bakin gado, domin amsarta ɗaya ce ko an gane ko ba a gane ba. Mun hana jagorori yin ta. A maimakonta sai su ce, "Nuna mini yadda za ki yi," ko "Faɗa mini abin da za ki fara yi, da dalilinki." Ga yadda muke gwada wannan a wurin horo, da misalin da ya taɓa faruwa a gabana.

An kawo yarinya 'yar shekara biyu da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, an ɗora ta a sikeli kilo 10. Likita ya rubuta allurar atesunet ta jijiya, miligiram 30. Maganin gari ne a 'yar kwalba, miligiram 60 a kowace. Ana fara narkar da shi da mililita 1 na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da shi, a girgiza har ya yi garau, sannan a ƙara ruwan gishiri. Idan ta jijiya za a yi, mililita 5 ake ƙarawa, jimilla 6, kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10. Idan a tsoka za a yi, mililita 2 kawai ake ƙarawa, jimilla 3, kowace mililita tana ɗauke da miligiram 20. Sabuwar ma'aikaciyar nan, a inda ta yi koyon aiki tana ɗaliba, haɗin tsoka ta saba gani. Sai ta haɗa da mililita 2, amma ta tuna an ce mata mai kilo 10 mililita 3 ake ja masa. Ta ja mililita 3, wato kwalbar gaba ɗaya, miligiram 60, ninki biyu na abin da aka rubuta. Kowane rabi na abin da ta yi daidai ne a wurinsa, haɗuwarsu ce ta zama kuskure.

Jagorarta tana tsaye a gefe, kuma ba ta fizge sirinjin ba. Ta sa hannu a kafaɗarta ta ce, "Ƙanwata, zo mu ɗan duba wani abu." Suka koma bakin teburin magani, nesa da kunnen uwar yarinyar. Ta ce, "Nawa ne a kwalbar?" Ta ce sittin. "Nawa ya rage a ciki yanzu?" Yarinyar ta ɗaga kwalbar, ta ga babu ko ɗigo. Ta dubi takardar magani, ta dubi sirinjin, hannunta ya fara rawa. Ta ce, "Innalillahi. Anti, na ja duka." Jagorar ta ce, "Kin gano da kanki, kuma bai shiga jikin kowa ba. Ɗauko wata kwalbar ki haɗa ina kallo, kina yi kina faɗa mini."

A wurin horo mukan rarraba wannan labari gaɓa-gaɓa. Me ya sa jagorar ta kasance a wurin tun farko? Domin tsarin ya ce duk maganin jijiya na yaro, a makonnin farko, sai an haɗa shi a gaban jagora. Me ya sa ba ta yi magana a gaban uwar ba? Domin uwar da ta ji an ce "kin yi kuskure" ba za ta sake barin wannan ma'aikaciya ta taɓa 'yarta ba, kuma kafin la'asar duk masu jinya a ɗakin sun ji labari. Me ya sa ta yi tambaya maimakon ta faɗi amsar? Domin wadda ta ɗaga kwalba ta ga wayam da idonta ba za ta manta ba har ta yi ritaya. Sannan mukan ja hankalinsu ga iyakar wannan salo: yana aiki ne saboda allurar ba ta kai ga kanula ba tukuna. Da sirinjin ya riga ya shiga, babu maganar tambaya ko lallashi, kalma ɗaya ce, "Tsaya," da riƙe hannu. Jagora tana bukatar ta san bambancin lokutan nan biyu, kuma ta gaya wa yarinyar tun ranar farko cewa idan ta ji "Tsaya" ba faɗa ba ne.

Bayan an yi allurar, tambayoyi biyu suka rage, kuma minti biyu suka ci. Ta farko: me ya sa likita ya rubuta 30 ba 24 ba? Yarinyar ta haddace miligiram 2.4 a kowane kilo, ba ta riƙe cewa yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake lissafa masa ba. Ta biyu: yaushe ne allura ta gaba? Ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Wadda aka yi da ƙarfe goma na safe, ta biyunta ƙarfe goma na dare ce, lokacin da su biyun suna gida. Idan ba a rubuta lokacin a fili an kuma faɗa da baki wajen miƙa aiki ba, sai gari ya waye ba a yi ba. Ragowar maganin da ke kwalba kuma ba a ajiye wa dare, don haɗaɗɗen atesunet ba ya wuce awa ɗaya. Nan ma akwai abin koya, saboda uban yarinya ne ya sayo maganin da kuɗinsa, kuma zai tambayi dalilin zubar da rabi. Yadda za a yi masa bayani cikin mutunci shi ma jagora ce za ta nuna.

Mukan sa jagorori su buga wannan kamar wasan kwaikwayo, ɗaya ta zama sabuwa, ɗaya jagora, ɗaya uwar yaro. Ana shan dariya, amma a nan halin kowa ke fitowa. Akwai mai tsawa, wadda ita ma da tsawa aka koya mata, tana ganin abin da ya gyara ta ke nan. Akwai kuma wadda ta fi ba ni tsoro, mai kawaici, wadda za ta karɓi sirinjin cikin murmushi ta ce "Kawo in taya ki," ta gyara a ɓoye ba ta ce komai ba. Yarinyar za ta tafi gida tana ganin ranar ta yi kyau, gobe ta maimaita kuskuren ita kaɗai. Kawaicin yakan ƙaru idan sabuwar ta girmi jagorar, ko matar wani babba ce, ko namiji ne aka haɗa da mace. Ba mu da maganin wannan sai gwaji: a sa mai kawaicin ta faɗi gyaran da bakinta sau uku, sau huɗu, har kalmomin su daina yi mata nauyi. Tsarin gyaran da muke koyarwa gajere ne. Ki faɗi abin da kika gani da idonki, ki faɗi abin da zai iya haifarwa, ki tambaye ta yadda za ta yi gobe. "Ba ki da natsuwa" zagi ne, babu abin da za ta yi da shi. "Kin sa ƙarin ruwa ba ki rubuta lokacin da kika fara ba" gyara ne.

Takarda ɗaya tak muka yarda jagora ta riƙe, don mun san idan suka yi yawa a ranar ƙarshe za a cike su a tsaye. A jikinta an jera ayyukan ɗakin da kuskure a cikinsu ke iya kisa ko nakasa, irin su lissafin maganin yara, sa kanula, ƙarin jini, sa robar abinci ta hanci, da gane yaron da jikinsa ke rikicewa. Gaban kowane aiki akwai gurbi uku: ta gani ana yi, ta yi ina tsaye, ta yi ita kaɗai na duba daga baya. Jagora ba ta sa hannu a gurbi na uku sai ta ga aikin da idonta fiye da sau ɗaya, a ranaku daban-daban. Mukan gaya musu ƙarara cewa sa hannun nan shaida ce, kuma wadda ta sa don kunya ko don a rabu lafiya, ta tura yarinyar aikin dare da abin da ba ta iya ba. Idan an kai mako shida wani gurbi ya ƙi cika, ba jagora ce za ta yanke hukunci ita kaɗai ba. Su uku za su zauna da shugabar ɗaki, a ƙara lokaci, a faɗi takamaiman abin da ake so a gani da ranar da za a sake dubawa. Wannan ya sauke wa jagorori nauyi sosai, don abin da suka fi tsoro shi ne a ce su ne suka hana 'yar mutane cin abinci.

Ta yaya za a san tsarin ya fara lalacewa? Ba daga takardar jin ra'ayi da ake rabawa bayan horo ba, wannan kowa "madalla" yake rubutawa. Rosta za a ɗauko a ƙirga ranakun da suka yi tare da gaske. Idan goma sha biyun nan sun koma biyar, magana ta ƙare. Sai a duba takardar gurabe: idan duk sa hannun da biro ɗaya aka yi shi, da kwanan wata ɗaya, an san abin da ya faru. Alama ta uku sai mai lura ke ganinta. Sabuwar da ta daina tambaya a mako na biyu ba ƙwarewa ta yi ba, tsoro ne ya rufe mata baki. Haka wadda ba a taɓa jin ta kawo rahoton kuskurenta ko ɗaya ba cikin wata uku. Babu sabon hannun da ba ya kuskure, sai dai wanda ya koyi ɓoyewa.

Rana ta biyu ta horon, wadda ake yi bayan mako huɗu, kusan babu lacca a cikinta. Kowace jagora takan kawo abu ɗaya da ya gagare ta, ba tare da ambaton suna ba, sauran su tattauna. A zaman farko da muka yi, sistar nan mai shekara goma sha huɗu tana ciki, don da kanta ta nemi a sa ta. Abin da ta kawo shi ne ba ta iya tsayawa tana kallon ana neman jijiyar jariri a hankali alhali ta san daƙiƙa goma ta ishe ta. Aka yi ta muhawara, don tana da gaskiya: jaririn da ruwan jikinsa ya ƙare ba abin koyon hannu ba ne. Abin da aka tsayar shi ne jagora ce ke zaɓar yaron da za a koya a kansa, wanda jijiyarsa ke bayyane kuma jikinsa bai yi tsanani ba, sabuwa ta gwada sau biyu, idan ba ta samu ba jagora ta karɓa tana yi tana bayani. Sistar ta ce ta yarda, amma hannayenta ba za su yarda ba. Wata daga bayan aji ta ce to ta riƙa zuba su a aljihu. Da na leƙa ɗakin bayan kwana biyu na same ta tsaye a kan wata sabuwa da ke ɗaure hannun wani yaro, hannayenta biyu cikin aljihun riga, tana cewa, "A'a, kwantar da allurar kaɗan. Yauwa. Yanzu tura a hankali."